Gyaran sakin layi a PDF: me ke canza haruffa, me ke karya layi, da yadda za ka kauce

Wani ɗan'uwa da ke riƙe da sakatariyar wata makarantar Islamiyya ya kawo mini takardar sanarwa ta PDF mai shafi ɗaya. An ɗage taron iyaye, don haka yana so "12 ga Maris" ta koma "17 ga Yuni", sannan a ƙara "da ƙarfe 10" a ƙarshen jimlar. Kafin ya zo ya riga ya gwada a wani shafin gyaran PDF na intanet. Da ya taɓa sakin layin sai haruffansa duka suka canza kama, layi takwas suka zama tara, na ƙarshen ya hau kan sa hannun shugaban makarantar, kalmar "ƙarfe" kuma ta fito da wani ɗan akwati a gurbin harafin farko. Ya ce da ni, "Malam, ni fa kalma uku kawai na taɓa."

Gaskiya ya faɗa. Wannan takarda zan bi da ita daga farko har ƙarshe, domin kusan duk abin da ke lalacewa a irin wannan gyara ya bayyana a cikinta.

PDF bai san sakin layi ba

Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 da manufa guda, wato shafi ya fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace na'urar bugawa. Don a cimma haka, ba a ajiye rubutu a cikinsa yadda Word ke ajiyewa. A Word sakin layi abu ne guda mai gudana, manhajar ce ke lissafa inda kowane layi zai tsaya duk lokacin da ka buɗe. A PDF an riga an yi wannan lissafi an gama, abin da ya rage umarni ne kawai na inda za a dasa kowane guntun rubutu. Idan ka buɗe cikin fayil ɗin za ka ga abu mai kama da wannan:

```
BT
/F1 12 Tf
72 700 Td
(Ana sanar da iyaye cewa taron) Tj
0 -14 Td
(zai gudana ranar 12 ga Maris.) Tj
ET
```

Ma'anarsa: ɗauki salon haruffa mai lamba F1 a girman 12, je wuri kaza a shafi, zana wannan layi, sauko ƙasa da awo 14, zana na biyu. Babu inda aka ce layukan nan biyu jimla ɗaya ce. Ko tazarar da ke tsakanin "taron" da "zai" ba ta nan. Wasu manhajojin ma ba layi-layi suke rubutawa ba, kalma-kalma ne ko harafi-harafi, kowanne da lambar da ke matsar da shi.

Saboda haka akwatin da kake gani ya kewaye sakin layi idan ka danna shi a manhajar gyara, zato ne. Manhajar ta dubi layukan da ke kusa da juna, masu girma ɗaya, masu farawa daga gefe ɗaya, ta ce ƙila waɗannan tare suke. Da ka sa harafi ɗaya, sai ta zubar da tsohon lissafin ta sake jera sakin layin da nata lissafin. Idan zatonta ya yi daidai kuma tana da salon haruffan asali, ba za ka ga bambanci sosai ba. Idan ɗaya daga cikin biyun ya kuskure, sai ka ga abin da ɗan'uwan nan ya gani.

Guzurin haruffa

Salon haruffa, wanda a allo ake rubuta masa `Font`, fayil ne mai ɗauke da zanen kowane harafi da faɗinsa. Irin su Times New Roman na ɗauke da dubban zane. Mai haɗa PDF ba ya kwashe su duka ya zuba, don fayil zai yi nauyi. Guzuri yake yi: haruffan da aka yi amfani da su a takardar kaɗai yake cusawa. Ana gane irin wannan gutsuren da manyan haruffa shida da alamar tarawa a gaban sunansa, kamar `BCDEEE+TimesNewRomanPSMT`.

A sanarwar makarantar nan babu lamba 7 ko ɗaya. Babu babban Y, ko da yake ƙaramin y yana nan a "iyaye", kuma a wurin kwamfuta zane biyu ne dabam. Akwai ɗ a "ɗalibai" amma babu ƙ. Wato haruffa uku daga cikin waɗanda yake son sakawa ba su cikin guzurin. Shafin intanet ɗin ba shi da cikakken Times New Roman da zai ciko su, sai ya mayar da sakin layin duka zuwa Helvetica, ɗaya daga cikin salo 14 da PDF ya ɗauka tun asali cewa kowace manhajar karatu tana da su. Waɗannan 14 ɗin ba su san ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ ba. Daga nan akwatin ya fito.

Wani zai ce to a riƙa cusa salon gaba ɗaya mana. Ko an yi haka ba lallai a tsira ba. Ƙa'idar Acrobat, manhajar PDF ta Adobe, ita ce, don ka ƙara ko ka canza rubutu sai salon yana girke a kwamfutarka. Idan a cikin PDF kaɗai yake, launi da girma da tazara za ka iya taɓawa. Dalili ɗaya lasisi ne: kowane fayil na salon haruffa yana ɗauke da alamar izinin mai shi, wani ya yarda a cusa don gyara, wani don kallo da bugawa kawai, wani ya hana gaba ɗaya.

Me ya sa layi takwas suka zama tara

Nan ne mutane ke ɗauka manhajar ta haukace, alhali lissafi ne mai sauƙi. Ana auna faɗin harafi da kashi ɗaya cikin dubu na girman rubutun. A Times New Roman ƙaramin a faɗinsa 444 ne, a Arial da Helvetica 556. Harafin m 778 ne a can, 833 a nan. Ɗauki kalmar "makaranta" ka tara haruffanta tara: a Times 4165, a Helvetica 4724. Girman rubutun bai canza ba, 12 ne duka, amma kalmar ta ƙara faɗi da sama da kashi 13 cikin ɗari. Hausa ta fi jin wannan ciwo saboda yawan a da ke cikinta, kuma a na cikin haruffan da suka fi bambanta tsakanin salon biyu.

Yanzu kai shi kan shafi. Awon PDF shi ne kashi ɗaya cikin 72 na inci, zan kira shi ɗigo. Faɗin takardar A4 ɗigo 595 ne. Idan an bar inci ɗaya hagu da dama, saura 451 don rubutu. Layin da ya cika 451 a Times zai nemi kusan 510 a Helvetica. Rarar kusan 60 ɗin nan ta kai "makaranta" guda, sai kalmar ƙarshe ta faɗa layi na biyu, na biyun ya tura biyu zuwa na uku, haka har ƙasa. Layi takwas suka haifi na tara. Tunda PDF bai san cewa sa hannun da ke ƙasa ya kamata ya matsa ba, layin ya hau kansa. Rubutu ba ya gangarawa daga akwati zuwa akwati, balle daga shafi zuwa shafi.

Akwai wasu karyewar da ba ruwansu da faɗi. Idan asalin takardar ta raba kalma a ƙarshen layi da karan ɗori, karan ya zama harafi na dindindin, bayan gyara sai ka tsince shi a tsakiyar layi: "maka-ranta". Idan kuma manhajar ta ɗauki kowane layi a matsayin akwati mai zaman kansa, kamar yadda LibreOffice Draw, wata manhajar zane, ke yi idan ya buɗe PDF, abin da ka ƙara ba zai sauko ba sam, zai miƙe ne ya wuce gefen takarda.

Mataki na farko: nemi asali

Kafin komai, tambayi wanda ya rubuta takardar ko fayil ɗin Word ko CorelDRAW yana nan. Gyara a can a sake fitar da PDF minti biyu ne, kuma babu abin da zai karye. Na sha ganin an ɓata awa guda ana kokawa da PDF alhali asalin yana cikin wayar wani a ofis ɗin. A wannan karon kwamfutar da aka rubuta sanarwar ta lalace, sai muka ci gaba. Ka kwafi fayil ɗin ka yi aiki a kan kwafin. Ka kuma duba ko yana da sa hannu na lantarki, domin gyaran rubutu yana ɓata ingancinsa, irin wannan takarda mai ita ne kaɗai zai sake fitar da ita.

Mataki na biyu: duba salon da ke ciki

A Acrobat, har da na karatu kyauta, danna `Ctrl+D` ka shiga `Fonts`. Za ka ga sunan kowane salo, a gefensa `Embedded Subset` idan gutsure ne, `Embedded` idan cikakke ne. Idan babu ko ɗaya, ba a cusa shi ba, kuma layin `Actual Font` zai nuna maka wanda ake aro a madadinsa. Mai iya rubuta umarni zai fi samun bayani da `pdffonts`, wanda ke cikin Poppler, wani tarin kayan aikin PDF:

```
pdffonts sanarwa.pdf
```

Ka dubi ginshiƙai uku. `emb` yana faɗin ko an cusa, `sub` ko gutsure ne, `uni` kuma ko akwai taswirar da ke fassara lambobin cikin fayil zuwa haruffa na gaskiya. Kada ka yi mamaki idan ka ga sunan salo ɗaya sau biyu: sau da yawa Word yana ware haruffa masu ƙugiya a gutsure na biyu da za ka ga an rubuta `Identity-H` a gefensa, kalma ɗaya kamar "ɗalibai" ta zama guda biyu a cikin fayil.

Idan jerin ya fito babu komai, tsaya nan. Ko dai hoton takarda ne da aka ɗauka da sikana, ko mai zane ya mayar da rubutun zane kafin ya fitar, abin da masu aikin CorelDRAW ke yawan yi don kada haruffa su canza a wurin bugawa. A duka biyun babu rubutun da za a gyara, sai a sake bugawa.

Sai gwaji ɗaya da ya shafe mu musamman. Kwafi layi ɗaya daga PDF ɗin ka liƙa a Notepad. Idan "ƙasa" ta fito "qasa", "ɗaya" ta fito "xaya", "ɓera" ta fito "vera", an rubuta takardar da irin tsofaffin salon Hausa ne da aka zana ƙugiya a gurbin q da x da v. Littattafai da kundaye da yawa haka aka buga su. A irin wannan, da zarar an musanya salon duk ƙugiyoyin sakin layin za su tona asirinsu. Dole ka sami ainihin wannan salon, babu mai maye gurbinsa.

Mataki na uku: girka salon, da dukan 'yan gidansa

Sanarwar tana da `TimesNewRomanPSMT` da `TimesNewRomanPS-BoldMT`. Na biyun shi ne mai kauri, kuma fayil ne dabam. Wannan yakan kama mutane: sun girka na yau da kullum, sun taɓa kanun da ke da kauri, ya canza. A Windows duba `C:\Windows\Fonts` ka tabbatar kowane suna da ka gani a jerin yana nan. Times New Roman yana zuwa da Windows, don haka mafitarmu ita ce kawai mu bar shafin intanet ɗin mu koma kwamfutar da ke da shi. Wayar Android ba ta zuwa da shi, shi ya sa gyara a waya ya fi yawan lalata takarda.

Idan salon ba ya nan, nemo shi daga halastacciyar hanya, danna shi da maɓallin dama ka zaɓi `Install`, sannan ka rufe manhajar gyaran ka sake buɗewa don ta gan shi. Idan bai samu ba, akwai tagwaye na kyauta da aka ƙera da faɗin haruffa daidai da na asali: Liberation Serif a madadin Times New Roman, Liberation Sans a madadin Arial, Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria. Zanensu ya ɗan bambanta, amma layi zai tsaya inda yake tsayawa. Idan za ka yi amfani da tagwai, mayar da sakin layin duka gare shi, kada ka cakuɗa a jimla ɗaya.

Kowanne ka zaɓa, buɗe Word ka rubuta ƙ ɗ ɓ Ƙ Ɗ Ɓ da shi, har da ƴ idan rubutun Nijar ne. Ɗora alamar rubutu kan kowane harafi ka dubi sunan salon a sama. Word yakan aro harafin da babu daga wani salon ba tare da ya faɗa maka ba. Idan sunan ya canza, wannan salon ba shi da harafin. Charis SIL, Gentium, Andika da Noto duk suna da su.

Mataki na huɗu: gyaran kansa

Buɗe kwafin a Acrobat mai gyara, zaɓi `Edit PDF`, kada ka rubuta komai tukuna. Dubi akwatunan da ya zana. Shin akwatin ya kama sakin layin daidai, ko ya haɗa shi da kanu, ko ya raba shi biyu? Danna cikin kalmar da za ka canza ka karanta sunan salo da girmansa a gefe. Idan wani saƙo ya fito yana cewa babu salon asali za a yi amfani da wani, koma mataki na uku. A `Preferences`, ƙarƙashin `Content Editing`, akwai wurin zaɓen salon da zai faɗa wa idan ya rasa na asali. Sa masa tagwan salon takardarka.

Sannan ka taɓa mafi ƙarancin abin da zai yiwu. Ba mu goge jimlar ba. Mun zaɓi 2 kaɗai muka buga 7, kuma a Times New Roman duk lambobi faɗinsu ɗaya ne, 500, don haka babu abin da ya motsa. Muka zaɓi "Maris" muka buga "Yuni". Ta farko faɗinta 2333, ta biyu 2000, wato layin ya ragu da ɗigo huɗu kacal. Raguwa ba ta cika kawo matsala ba, sai idan ta buɗe wurin da kalmar farko ta layin ƙasa za ta hauro. Ka rubuta a kan abin da ka zaɓa kai tsaye. Idan ka goge tukuna sannan ka fara bugawa, wani lokaci sabon rubutun yakan ɗauki salon makwabcinsa.

"Da ƙarfe 10" ita ce mai haɗari, domin ƙari ce. Mun yi sa'a jimlar ce ta rufe sakin layin, kuma layin ƙarshe rabinsa fili ne, sai ta zauna. Da a tsakiya take, ga abin da nake yi bi da bi. Na farko, in rage wata kalma a wannan layin don tsawon ya dawo kusa da yadda yake, misali "za a gudanar da" ta koma "za a yi". Idan rarar ɗigo biyu ko uku ce, in ja gefen akwatin na dama kaɗan. Idan bai isa ba, in matse tazarar haruffan layin ɗan ƙanƙani, gwargwadon da ido ba zai kama ba. Rage girman rubutu shi ne na ƙarshe, kuma ban son sa, don sakin layi mai girman 11 a tsakiyar masu 12 kowa yana ganinsa. Kada ka riƙa danna `Enter` a ƙarshen kowane layi don tilasta masa tsayawa. Zai yi kyau yau, amma wanda zai gyara bayanka ya shiga uku.

Idan dole sakin layin ya ƙaru da layi guda, matsar da duk akwatunan da ke ƙasansa da hannu, tazara iri ɗaya, kafin ka rubuta.

Mai amfani da LibreOffice Draw, wanda kyauta ne, yana da sauƙi ɗaya: tunda kowane layi akwatinsa dabam, canza kwanan wata ba zai taɓa sauran layukan ba. Idan kana so layukan su gudana tare, zaɓe su duka ka yi amfani da `Consolidate Text`, wanda aka ƙara tun fitowa ta 6.4, sannan ka cire karyewar da ta rage. Amma Draw yakan sake zana shafin duka ne da salon da ke kwamfutarka, don haka idan babu na asali ko tagwansa, shafin gaba ɗaya zai canza, ba sakin layi ɗaya ba.

Wata dabara da ake yi a shagunan kwamfuta ita ce a rufe tsohuwar kalma da farin akwati a rubuta sabuwa a kai. Don bugawa a takarda ta wadatar. Amma idan fayil za ka tura, tsohon rubutun yana nan a ƙasa, duk wanda ya kwafa ko ya bincika zai same shi. Idan farashi ne ko suna, wannan abin kunya ne mai jiran rana.

Mataki na biyar: duba aikin

Ajiye da sabon suna, rufe, sake buɗewa, ka koma `Fonts`. Idan wani suna ya bayyana wanda da babu shi, kamar Helvetica ko Minion Pro, an yi musanya a wani wuri ko da idonka bai gani ba. Sabon gutsure mai sunan salon asali ba laifi ba ne, sababbin haruffan ne aka cusa. Ƙara girman shafin zuwa kashi 400 ka kwatanta 7 ɗinka da sauran lambobi, ƙ ɗinka da k na kusa da ita. Bincika "ƙarfe" da `Ctrl+F` ka ga ko za a same ta. Daga ƙarshe tura fayil ɗin zuwa wayar Android ka buɗe. Wayar ba ta da salon kwamfutarka, saboda haka idan sabon harafin bai shiga cikin fayil ɗin ba, a can zai nuna.

Inda gyara ya daina biya

Ni iyakata ita ce jimla ɗaya ko biyu a shafi. Abin da ya wuce haka, ko takarda mai jadawali da ginshiƙai, gara a sake gina ta. Word tun daga na 2013 yana buɗe PDF ya mayar da shi rubutu mai gudana. Shi ma zato yake yi, don haka kunna alamar ¶ ka bi layukan ka goge duk karyewar da ta faɗo a tsakiyar jimla da karan ɗorin da suka maƙale, ka daidaita salon, sannan ka fitar da sabon PDF.

Takardar da kai ne ka rubuta kuwa, ajiye asalinta a babban fayil ɗaya da PDF ɗin, suna iri ɗaya. Idan Word ɗin zai je wata kwamfutar, shiga `File`, `Options`, `Save`, ka kunna `Embed fonts in the file`. A LibreOffice akwai zaɓin `Hybrid PDF` lokacin fitarwa, wanda ke ɓoye asalin takardar a cikin PDF ɗin kansa, duk ranar da ka buɗe shi a LibreOffice sai ya buɗe a matsayin rubutu mai gudana. Sakataren makarantar da shi yake fitar da sanarwa yanzu, tunda a cewarsa ranar taron iyaye ba ta taɓa tsayawa a karon farko ba.